Ruwan Hanta a Hoto, Ruwan Ƙasa a Hannu

Tun ina yaron shago na san ba a yarda da launin kaya a cikin shago. Mace za ta shigo, ta ga shadda ta yi mata, sai ta ɗauke ta ta nufi bakin ƙofa. Can za ta buɗe ta, ta karkata ta wajen rana, ta ɗora a bayan hannunta, ta tambayi wadda suka zo tare. Maigidan da ya koya mini kasuwa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa hana kowa zuwa bakin ƙofa ba. Bai kuma taɓa buɗe baki ya kushe kayansa ba. A wurinsa yabo namu ne, dubawa kuma ta mai saye ce, kowa da aikinsa. A kan haka na tashi, a kan haka na buɗe nawa shagon a Tudun Wadan Zariya, ban taɓa jin akwai laifi a ciki ba.

Rinanniyar shadda nake sayarwa. Ina sayen fara, in kai wa wani dattijon marini a cikin birni da muke kira Baba, ya rina, a sa mata sitaci, a kai wa mabuga su buge ta har ta yi sheƙi. Da can mutanen Gyallesu da Tudun Jukun kaɗai sun ishe ni ciniki. Daga baya kasuwa ta kwanta. Sai in wuni a shago babu wanda ya leƙo sai mai tallar gyaɗa. Matata ce ta ce mu buɗe shafi a wata kasuwar intanet, irin wadda kamfani ke riƙe da ita: ka sa hoton kaya da bayani, mai saye ya biya kamfanin, kai kuma ka kai kayan ofishinsu su tura. Ita ta gama sakandare, tana jin Turanci. Ni a aji huɗu na firamare na tsaya. Sai muka raba aikin, hoto da kai kaya nawa, rubutu nata. Ban yi zaton abin zai yi wani tasiri ba, amma kafin shekara ta zagayo shafin nan ne ke ciyar da gidana. Shagon ya koma wurin ajiya da shan inuwa.

Launin da ya fi fita shi ne ruwan hanta. Na ɗauki hotonsa wata safiya a gaban shago, rana ta faɗo masa, sheƙin bugu ya tashi, wayar ma ta ƙara nata. Hoton ya fito ja mai zurfi, kyakkyawa, har ni da kaina na tsaya ina kallonsa. Ban taɓa shi da komai ba, ban ma iya ba. Yadda waya ta ɗauka haka na miƙa wa matata ta sa.

Mace ta farko da ta yi ƙorafi daga Legas take. Ta rubuta cewa ja ta saya, ruwan ƙasa aka kawo mata. Na ce wa matata idon matar ne ba shi da kyau. Aka dawo da kayan, na buɗe a cikin shago, na ga lallai a inuwa ya fi kusa da ruwan ƙasa. Na fita da shi waje, ya koma ja. To wa ya yi ƙarya? Na ninke na mayar kan kanta. Ta biyu ta ce ta wanke tare da farar rigar mijinta, rigar ta ɓaci. Wannan kam na yi tsaki. Wace mace ce ba ta san sabon rini yana zuba a wankin farko ba? Matata ta ce wadda ba ta tashi a cikin rini ba.

Ƙorafi na uku shi ya fi muni. Wasu mata ne a Abuja suka zaɓi ruwan hantar nan anko na biki. Amarya ta tura musu hoton, kowace ta shiga shafin ta saya a lokacin da ta samu hali. Ni ban san anko ba ne. Oda ta shigo, in ɗauko daga kan kanta in kai. Rinin farko ya ƙare, na kai wa Baba marini wata farar, ya rina, na ci gaba da turawa. Ran biki suka jeru ɗaukar hoto, sai ga rabi ja, rabi kamar an jiƙa su a shayi. Suka turo hoton shafin nawa, kowace da nata ƙorafin, kowace da tauraro ɗaya. A wannan kasuwa taurari biyar ake bayarwa in an gamsu, ɗaya kuwa zagi ne.

Bayan wannan ne saƙon kamfani ya shigo. Ina shago matata ta kira ta ce in zo gida cin abinci, alhali ta san ba na zuwa da rana. Da na shiga na tarar da ita zaune a tabarma, waya a cinya, ba ta ko ɗora tukunya ba. Ta fassara mini a hankali. Ƙorafin cewa kaya ba su yi daidai da bayaninsu ba ya yi yawa a kan shafina. In aka sake kawo irinsa, suka bincika suka ga gaskiya ne, za su rufe shafin. Na tambaye ta ko in an rufe za mu iya buɗe wani. Ta ce da lambar shaidata da asusuna na banki aka buɗe wannan, sun san ni, ba a yi musu dabara.

Na zauna. Abin da ya zo mini a rai shi ne ni da furfurata ina tsaye a shagon wani, ana aika na sayo ruwan sanyi. Ba wata sana'a na iya ba. Shekaruna sun wuce na hawa mashin haya, gwiwata ma ba za ta yarda ba.

"Malam," in ji ta, "mu rubuta kawai."

"Mu rubuta me?"

"Abin da suke ƙorafi a kai. Launi yana canzawa, rini yana zuba, na yau ba ya zama ɗaya da na gobe. Mu faɗa tun kafin su saya."

Na ce mata ta taɓa ganin mai kaya ya rataya allo a shagonsa ya ce jama'a ga aibin kayana? Ta ce ba ta gani ba, amma shi mai shago yana da bakin ƙofa, ni fa a waya wace ƙofa na ba su? Ta ƙara da cewa ko a Islamiyya an karantar da su ɓoye aibin kaya ba kyau. Na ce ni ban ɓoye komai ba, shadda ce haka Allah ya yi ta. Ta ce to sai mu faɗi yadda Allah ya yi ta. Na tashi na fita ban ci abincin ba, tunda dama babu.

Maƙwabcina a layin shaguna wani Alhaji ne mai sayar da yadin maza. Ya girme ni, yana da baki, amma ba mugu ba ne. Shi ya sa mini suna ɗan intanet. Da na ba shi labari sai da ya yi dariya har ya cire hula. Ya ce in na rubuta rinina na zuba, in ƙara da cewa ɓera na kwana a shagona, kuma ni kaina ba na wanka sai Juma'a, a gama bayani gaba ɗaya. Sannan ya gyara murya ya ce mini in yi hankali, mace in ta karanta kalmar zuba ta wuce ke nan, ba za ta tsaya jin ƙarshen maganar ba, ga shafukan wasu nan birjik da ba su rubuta komai ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta hana ni sukuni. In na yi shiru a rufe ni. In na yi magana masu saye su gudu, shafin ya zauna a buɗe ba amfani.

Na yi kwanaki ina jujjuya abin. Duk ƙarar da waya ta yi sai gabana ya faɗi. Oda ta shigo, maimakon in yi murna sai in riƙa kallon shaddar ina tunanin a wane irin ɗaki za a buɗe ta, da wace irin fitila. Akwai wadda na naɗe na kwance har sau biyu. Daga ƙarshe na ce wa matata ta dakatar da ruwan hantar daga shafin kafin in yanke shawara, ta dakatar. Cinikin ya ragu nan take, don shi ne mai jan sauran.

Sai na je wajen Baba marini. Na same shi tsaye kan garwar rini, tururi na tashi, hannuwansa cikin safar roba har gwiwar hannu. Na gaishe shi, na tambayi iyali, sannan na tambaye shi ko zai iya riƙa fitar mini da ruwan hanta iri ɗaya kullum. Ya ce ba ya ƙarya da tsufansa. Garin rinin da yake saya yau ba lallai ya zama na wancan watan ba, zafin ruwa yana bambanta, ita farar shaddar ma wata ta fi wata sha. Abin da ya shiga garwa ɗaya a lokaci ɗaya shi ne ɗaya, sauran kuwa 'yan uwa ne kawai. Na ce to zan rubuta haka a waya, kuma zan rubuta yana zuba a wankin farko. Nan ya ajiye sandar juyi.

"Za ka gaya wa duniya rinina na zuba?"

"Baba, ba zan ambaci sunanka ba."

"Duk Tudun Wada wa bai san ni nake maka rini ba?"

Na ce masa in aka rufe shafin nan, farar shaddar da nake kawo masa ma ta tsaya. Ya ɗauki sandarsa ya ci gaba da juyi. Can ya ce in zan rubuta, in rubuta rarar rini ce ke fita, ba rinin ba, kuma a wanke shi kaɗai da ruwan sanyi a shanya a inuwa. Ya ce kada in kuskura in sa kalmar koɗewa, nasa ba ya koɗewa. Ko sallamar kirki bai yi mini ba.

Ranar da muka zauna rubutu bayan la'asar ne, a tsakar gida. Matata ta riga ta duba shafukan wasu ta ga yadda suke yi. Akwai wata jimla da kusan kowa ke sawa can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, wai launi zai iya ɗan bambanta saboda haske. Ta ce mu sa irinta, ta fi ladabi. Na ce ta sake karanto mini. Ta karanto. Na ce wannan ai ba ta ce komai ba. Zai bambanta ta ina? Zai yi duhu ko zai yi haske? Matar Legas da ta karanta wannan za ta san ruwan ƙasa za ta gani a ɗakinta? Ni da ban so a rubuta ba, amma tunda za a tona, a tona sosai, kada in zubar da mutuncin kayana a banza kuma a zo a rufe ni. Ta kalle ni ta ce yau kuma ni ne da wannan magana.

Na faɗa da Hausa, ita tana juyawa, sannan ta sa Hausar ma a ƙasa. A rana ja ne mai zurfi. A cikin ɗaki yana yin duhu, ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Wayar kowa da yadda take nuna launi. Rinin hannu ne, na wannan karon ba zai zama daidai da na gaba ba, mai son anko ta yi mana magana kafin ta saya a rina mata gaba ɗaya. Rarar rini na fita a wankin farko, a wanke shi kaɗai da ruwan sanyi. Ta so ta sa wannan a ƙarshen bayani, na ce a'a, a sama, kafin ma a faɗi tsawon yadi. Muka yi gardama a kan haka har yara suka dawo daga makarantar allo suka same mu. A sama aka sa.

Sai ta ce rubutu kaɗai ba zai cece mu ba in hoton nan mai ƙyalli yana nan, domin kamfanin hoto da bayani duka yake dubawa. Wannan ya fi yi mini ciwo. Ina son hoton nan. Washegari na ɗauki shadda na yi mata hoto a bakin ƙofar shago inda rana ba ta faɗo kai tsaye, na yi wani a can ciki kusa da kanta, na yi wani a tsakiyar rana, kowanne da farin ƙyalle a gefe don ido ya samu abin gwadawa. Alhaji yana zaune a bencinsa yana kallo, ya ce ko fasfo zan yi wa shaddar ta tafi Makka. Na bakin ƙofar muka sa a gaba. Ba shi da kyau kamar tsohon. Kamar shaddar dai yake.

Aka mayar da ruwan hanta kan shafi. Shiru. Matata takan duba ta ce mutane na shiga suna gani, amma ba mai saye. Na riƙa zama a shago waya a hannu, ina kunna ta ina kashewa, har na yi zaton data ce ta ƙare na sayi wata. Alhaji ya daina tsokanata, wannan ya fi tsokanar tayar mini da hankali. Wata rana ya miƙo mini goro ya ce ai rubutun ba a dutse yake ba, ana iya gogewa. Na koma gida da niyyar in ce wa matata ta goge maganar wanki kaɗai. Na tarar tana tankaɗe, na tsaya a kanta, na kasa faɗa, na tambaye ta ko akwai ruwa a randa.

Sannu a hankali oda ta fara shigowa, ɗaya yau, ɗaya bayan kwana biyu. Ba kamar da ba. Wata ta yi tambaya kafin ta saya, ta ce a turo mata hoto a ƙarƙashin fitilar ɗaki, muka tura ta cikin shafin, ta saya. Na fara numfashi. Sai ga ƙorafi ya shigo.

A shago nake, na ga jan alamar da na riga na sani ko ban iya karatun Turancin ba. Na rufe shago rabi na ce Alhaji ya duba mini, na tafi gida. Matata ta karanta: ruwan hanta ne, mai sayen ta ce launin ba shi ne na hoto ba, ta zaɓi dalilin nan da aka yi mana gargaɗi a kansa. Kamfanin ya ba mu 'yan kwanaki mu kawo tamu amsar. Abin da na fara tambaya shi ne yaushe ta saya, don matata ta taɓa gaya mini abin da ke kan shafi ranar saye shi suke dubawa, gyaran baya ba ya wanke cinikin da ya riga shi. Ta bi odar. Bayan gyara ne. Na tuna ma ƙunshin, don na yi mamakinsa lokacin da na kai ofis: adireshin a nan Zariya ne, gidajen ma'aikatan jami'a na Kongo. Wata Hajiya. Da ta hau Keke ta zo shagon ta kai shaddar bakin ƙofa, da duk ba a yi haka ba.

Matata ta rubuta amsa. Ta ce a duba layin farko na bayaninmu, a duba hoton cikin ɗaki, ta haɗa da hoton shaddar da ta rage daga wannan rinin. Ba ta zagi kowa ba, ko da yake na ba ta kalmomi biyu da ta ƙi sawa. Muka tura. Aka rubuto cewa ana dubawa.

Da na koma shago na gaya wa Alhaji, sai ya dafa gwiwa ya ce ashe ma abin na gida ne. Kongo fa? Ai ba za a rasa wanda ya san mijinta ba. Ya ce yana da aboki a masallacin wajen, a nemo dattijo guda, mu je mu uku mu ba ta haƙuri, in riƙe mata wata shaddar kyauta, ta janye. Ya ce tun da aka kafa garin nan haka ake kashe magana, ba a barin ta a hannun baƙo da bai san kowa ba. Maganar ta shige ni sosai, don ni ma haka na sani. Mutum in ya ga furfura a ƙofar gidansa yana jin nauyi.

Matata ta ce kada in soma. Dokar kamfanin ta hana mai kaya ya bi mai saye gida ko ya kira shi a kan ƙorafi. Adireshin don kai kaya aka ba mu. In Hajiyar ta ji haushi ta faɗa musu maza uku sun zo mata gida, ba sai an duba launi ba, a ranar za a rufe mu. Na ce ai ban haƙuri za mu je, ba faɗa ba. Ta ce wanda ke zaune a ofishin can bai san ban haƙuri ba, takura zai kira shi.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. A sallah sai in rasa raka'a ta nawa nake. Alhaji kullum da safe sai ya ce abokinsa na nan yana jira. Wata ranar da hantsi na kasa daurewa. Ban gaya wa kowa ba, na zaɓi shadda mai ruwan zuma mafi kyau a shagon, na sa a leda, na tari mai mashin na ce Kongo. Ya sauke ni kusa da ƙofar shiga. Ɗalibai na ta wucewa, masu gadi na zaune a inuwa. Na tsaya wajen wata mai sayar da awara, leda a hammata, ina shirya abin da zan ce. Hajiya, ki yi haƙuri. To haƙurin me? Duk abin da zan ba ta haƙuri a kansa na riga na rubuta shi a saman shafi, da Turanci da Hausa, har na ɓata da Baba marini a kansa. In na shiga na roƙe ta, na nuna ni ma ban yarda da rubutun ba ke nan. In kuma ta kai ƙarata, na rufe shafin da hannuna. Mai awara ta tambaye ni ko na nawa za a zuba. Na sayi kaɗan don kunya, na tsallaka titi na hau wani mashin na dawo. Alhaji ya ga ledar, ya ga fuskata, ya juya ya ci gaba da ninke yadinsa.

Amsar ta zo ina auna wa wani mutum yadi a shago, mutum na farko da ya shigo da ƙafarsa a makon. Matata ta kira. Na ce wa mutumin ya yi mini haƙuri, na fita waje.

"Sun duba," in ji ta. "Sun ce kayan sun yi daidai da bayani. Ba za a lissafa mana shi ba."

"Shafin fa?"

"Yana nan. In tana so ta dawo da kayan a matsayin ta fasa, shi ke nan."

Na ce ta sake karantawa, kada ta tsallake wani abu. Ta sake. Na tambaye ta gargaɗin fa, sun cire? Ta ce a'a, yana nan sai an ɗauki lokaci ba a samu wani ba. Na jingina da bango. Da na koma ciki na tarar mutumin ya ɗauki yadin ya kai bakin ƙofa yana dubawa.

Hajiyar ba ta dawo da shaddar ba. Ta ba ni taurari biyu, ta rubuta cewa lallai mai kayan ya faɗa, ita ce ba ta karanta ba, amma duk da haka launin bai yi mata ba. Rubutun nata na nan har yau a ƙarƙashin ruwan hanta, ba a gogewa. Alhaji ya ce da mun je da dattijo da biyar ta bayar. Wataƙila.

Cinikin bai koma yadda yake a zamanin tsohon hoto ba, ba zan ce ya koma ba. Amma abin da na tura yana zama inda na tura shi. Mun bi sauran launukan ɗaya bayan ɗaya mun yi musu irin wannan, har da shuɗin da ke komawa kamar baƙi a ɗaki. Da wasu mata suka yi magana a kan anko, na kai wa Baba farar gaba ɗaya na ce a garwa ɗaya nake so. Ya ƙirga ya ce ba za ta ɗauka ba sai ya aro babbar garwar maƙwabcinsa. Sannan, bai kalle ni ba, ya ce in karanto masa abin da na rubuta a kan rininsa. Na ciro waya na lalubo Hausar, na bi ta da yatsa ina haɗa baƙaƙe. Da na zo wajen wanki ya ce in tsaya, rara na ce ko rini? Na ce rara. Ya ce to in zo ranar Laraba.

Ina hanyar komawa Tudun Wada waya ta yi ƙara a aljihuna. Gabana ya faɗi, har yanzu bai daina ba. Na ce wa mai mashin ya tsaya a gefe in duba.